Yadda Ake Rubuta wa Mai Gyaran Hoto Saƙon Abin da Ba Za a Taɓa Ba a Fuska

Kawuna yana yi wa alhazai da masu Umara tafinta a Makka, kuma kamfanin da yake wa aiki ya nemi kowane ma'aikaci ya kawo hoton fuskarsa, daga kai zuwa kafaɗa, domin a sa a katin wuya da takardar gabatar da ma'aikata. An ɗauki hoton a wani shago a Jidda, aka tura wa wani mai gyaran hoto da ke zaman kansa, aka ce masa kawai ya gyara shi ya yi kyau. Da hoton ya dawo sai ga mutum mai santsin fata, ya fi kawu haske, kuma billen da ke kuncinsa na hagu ya ɓace. Yayarsa, wadda ta riƙe shi ranar da wanzami ya yi masa wannan billen a Katsina kafin iyayensu su taho, ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ce, "Wannan ai ba ƙanena ba ne." Mai gyaran bai yi mugunta ba, ya yi abin da sana'arsa ta saba ne, mu kuma ba mu gaya masa komai ba. Ni na rubuta saƙo na biyu, kuma hanyar da na bi ita ce zan bayyana.

Akwai hoton da bai kamata ya je wurin mai gyara ba ko kaɗan, wato na fasfo da igama, katin izinin zama a Saudiyya, da biza da lasisin tuƙi. Ƙa'idar hoton takardun shaida ita ce ya nuna mutum yadda yake, ba tare da an sauya kamanninsa ba. Abin da nake magana a kai shi ne hoton aiki: na takardar neman aiki, na shafin kamfani, na katin ma'aikaci, na sanarwar taro.

Mataki na farko ba ya buƙatar waya. A zauna da mai hoton a wuri mai haske, da madubi idan ya samu, a tambaye shi abin da yake so a bari. Fuskar tasa ce, kuma ba daidai ba ne ɗa ko ma'aikacin ofis ya yanke masa hukunci. Akwai wanda yake alfahari da zanensa amma yana so a ɗan rage tabon ƙuna da ke wuyansa, kuma haƙƙinsa ne. Masu wannan sana'a suna da wani ma'auni mai amfani da za a iya fara hira da shi: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ana iya cire shi, abin da zai zauna kuwa na mutum ne. Ƙurjin aski, jan ido na rashin barci, fashewar leɓe saboda bushewar iska, maiƙon goshi na zafin Jidda, duk masu wucewa ne. Bille da kalangu da fashin goshi da 'yar baka, tawadar Allah, tabon rauni, tabon salla, wushirya, furfura, da launin fata, waɗannan masu zama ne. Ma'aunin yana da iyaka a fatarmu, domin baƙin tabon da ƙurji yake bari bayan ya warke yana iya kai watanni, don haka bai faɗa ko ɗaya cikin biyun sosai ba, kuma sai an tambayi mai shi. Kawu ya ce a cire nasa, aka rubuta haka.

Bayan hirar sai a buɗe hoton asali a babban allo, a zuƙo shi zuwa 100%, a bi fuskar daga goshi zuwa haɓa, ana rubuta kowace alama. Wannan bin yana da muhimmanci domin mutum ya saba da fuskarsa har yakan manta abin da ke kanta. Kawu bai ambaci tabon girarsa ba sai da na gan shi a allo, wani ɗan layi da ya raba gashin girar dama biyu tun faɗuwar da ya yi yana yaro. Mai gyaran farko ya cike gurbin da gashi, ba wanda ya lura sai a wannan zaman.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a fahimta, domin a nan ne yawancin saƙonni suke gazawa. Mutane sukan rubuta "kada a goge tabon", mai gyara kuma ya cika alkawari bai goge ba, amma hoton ya dawo tabon ya dusashe har da ƙyar ake ganinsa. Dalili shi ne tabo yana fitowa a hoto ta hanyoyi biyu: bambancin launinsa da fatar da ke kewaye, da kuma ɗan haske da inuwar da zurfinsa ko tudunsa yake jawowa. Gogewa kai tsaye da `Spot Healing Brush` ko `Clone Stamp`, kayan aikin manhajar gyaran hoto ta Photoshop, hanya ɗaya ce kawai ta ɓatar da shi. Akwai dabarar da ake kira `Frequency Separation`, inda ake raba hoton gida biyu, ɗaya ya ɗauki launi da inuwa, ɗaya ya ɗauki ƙananan ramukan fata da gashi. Idan aka sulɓe ɓangaren launi a faɗin kunci, duhun billen yakan narke cikin fatar da ke gefensa, a bar wani siririn layi mara zurfi. Akwai kuma `Dodge` da `Burn`, waɗanda ake haskaka wurare masu duhu da su, a kuma duhunta masu haske, domin fata ta daidaita, kuma hannun da ya saba yakan bi ta kan zane ya haskaka inuwarsa ba tare da ya yi tunani ba. Ko a manhajar Lightroom, jan `Texture` ko `Clarity` zuwa ƙasa a kan fuska gaba ɗaya yana yin irin wannan ɓarna a taɓi ɗaya.

Saboda haka dole saƙon ya ambaci ayyukan da aka hana ɗaya bayan ɗaya: ba gogewa, ba dusasarwa, ba rage girma, ba sauya launi, ba sulɓewa. Sannan a roƙi mai gyaran ya kare waɗannan wurare da `Layer Mask` a duk wani gyaran fata da zai yi, wato ya rufe su yadda gyaran zai tsallake su. Duk wanda ya san aikin zai gane wannan jimlar nan take, kuma ba ta ɗaukar masa fiye da 'yan mintuna. Akwai ɓarna ta kishiyar wannan da ya kamata a toshe: mai gyaran da aka tsoratar yana iya ƙara wa tabon duhu ko kaifi don ya nuna bai taɓa shi ba. Wannan ma sauyi ne, sai a rubuta cewa kada a ƙara masa ƙarfi.

Siffar fuska kuma tana da nata kayan aikin, wato `Liquify`, wanda da shi ake siranta hanci, a buɗa ido, a rage kumatu, a daidaita gefe biyu. Daidaita gefe biyun nan yana da haɗari na musamman ga mai zane. Zanen Gobirawa, alal misali, ba daidai yake a kumatun biyu ba, shida ne a gefe ɗaya, bakwai a ɗaya gefen, kuma baƙon da bai san haka ba yana iya ɗauka kuskure ne ya cire na bakwan. Idan zane yana da layuka da yawa, a ƙirga su a rubuta adadin kowane gefe da lamba.

Batun dama da hagu ƙaramin abu ne da yake jawo rikici mai yawa. Kuncin hagu na mai hoto yana bayyana a gefen dama na allo. Idan aka rubuta "hagu" kawai, mai gyara zai duba hagun allonsa, ya ga wata alama daban, ya kare ta, ya gyara wadda ake nufi. A faɗi a farkon saƙo cewa dama da hagu na jikin mai hoton ake nufi, kuma a hana juya hoton, domin wasu sukan juya shi don ya fuskanci rubutu a shafi, sai bille ya koma kuncin da ba nasa ba. Idan da kyamarar gaba ta waya aka ɗauka, a fara tabbatarwa ba a juye aka ajiye shi ba, ta hanyar gwada shi da fuskar mutumin.

Abin da ya fi kowane bayani aiki shi ne kwafin hoto mai alama. A yi kwafi, a zagaye kowace alamar da za a bari da jan layi a sa mata lamba, a zagaye abin da aka yarda a cire da kore a sa masa harafi. Alƙalamin da ke cikin manhajar hotuna ta waya ya isa. A zagaye daga nesa kaɗan, kada layin ya hau kan tabon ya rufe shi. Sai a tura fayil biyu da sunaye da ba za su rikice ba:

```
kawu_asali.jpg
kawu_alamomi.jpg
```

Idan ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin `Document`, domin turawa ta hanyar hoto tana matse fayil ɗin ta cinye ƙananan alamomi tun kafin su isa. Idan mai ɗaukar hoton zai ba da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, ya fi.

A nan Saudiyya sau da yawa mai gyaran ba Bahaushe ba ne, musamman idan a shafukan intanet na masu aikin zaman kansu irin su Khamsat ko Mostaql ko Fiverr aka same shi, kuma kalmar "bille" ba ta nufin komai gare shi. Da Larabci tabon rauni shi ne nadba, ɗigon tawadar Allah shama, babban tambarin haihuwa wahma, wushirya kuwa falja. Zanen fuska ne mai wuya. Idan aka ce nadba, mai gyara zai ji rauni ne da ake son ɓoyewa. Kalmar da ta fi dacewa ita ce shulukh, sunan da mutanen Sudan suke kiran zanen gado, irin na Shaigiyya da Ja'aliyyin, kuma ɗan Sudan zai gane ta ba tare da ƙarin bayani ba. Ga wanda ba ɗan Sudan ba, a ƙara jimla ɗaya da ke cewa zane ne na gado da aka yi da gangan, ba ciwo ba ne. Wannan jimlar tana sauya yadda hannunsa zai tunkari wurin. Haka ma tabon salla: wasu za su ɗauka datti ne ko inuwar fitila, sai an faɗa.

Ga saƙon da na tura, da Hausa yadda na fara rubuta shi kafin na mayar da shi Larabci:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina fata kana lafiya. Na haɗo maka hotuna biyu, na asali da kuma wanda na yi wa alama. Hoton na kawuna ne, za a sa shi a katin aiki da takardar gabatar da ma'aikata, kuma buƙatarmu ita ce duk wanda ya san shi ya gane shi da kallo ɗaya. Duk inda na ce dama ko hagu, na jikinsa nake nufi, ba na allo ba.

Waɗannan abubuwa bakwai, da na zagaye da ja, a bar su yadda suke, ba gogewa, ba dusasarwa, ba rage girma, ba sauya launi, ba kuma ƙara musu duhu:

1. Bille a kuncin hagu, layi ɗaya a karkace daga gefen hanci zuwa tsakiyar kunci, tsawonsa kamar santimita 3. Zanen gado ne da aka yi da gangan, ba ciwo ba ne.
2. Tabo a girar dama wanda ya raba gashin biyu. Kada a cike gurbin.
3. Tawadar Allah a ƙarƙashin idon dama, faɗinta kamar milimita 3.
4. Tabon salla a tsakiyar goshi.
5. Wushirya a haƙoran sama, da launin haƙoran yadda yake.
6. Furfurar gemu da ta gefen kai.
7. Layukan goshi da na gefen idanu.

Ban da waɗannan, launin fatarsa ya zauna yadda yake a hoton asali, kada a haskaka shi. Kada a sauya siffar hanci, leɓe, idanu ko kumatu. Idonsa na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, haka yake. Kada a juya hoton.

Abin da muka yarda a gyara, wanda na zagaye da kore: (a) ƙurjin aski biyu a haɓa da baƙin tabon da ke kusa da su, (b) ƙyallin maiƙo a goshi da hanci, a rage shi kawai, (c) jan da ke cikin idanu, (d) zaren da ya fito a wuyan rigarsa. Za ka iya tsabtace bango ka kuma daidaita hasken hoton.

Duk abin da ban ambata ba, don Allah a bar shi, idan kuma kana shakka ka tambaye ni kafin ka taɓa. Ina roƙon ka kare wuraren ja da `Layer Mask`, ka turo mini JPEG mai cikakken girma tare da fayil ɗin PSD wanda ba a haɗe `Layers` ɗinsa ba. Kafin ka fara, ka tabbatar mini ka ga abubuwa bakwai ɗin nan, kuma kuɗin da muka yi magana ya haɗa da gyara sau ɗaya idan wani abu daga cikinsu ya sauya. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Jimlar da ta ce abin da ba a ambata ba a bar shi ita ce ginshiƙin saƙon. Ba wanda zai iya lissafa duk abin da ke fuskar mutum, kuma idan ba a faɗi haka ba, mai gyara zai ɗauka duk abin da ba ya cikin jerin an sakar masa. Jerin abin da aka yarda a gyara shi ma wajibi ne, domin saƙon da ya ƙunshi hani kawai yana barin mutum bai san aikin da aka ɗauke shi ya yi ba. Neman ya tabbatar kafin ya fara kuwa yana nuna ko ya karanta. Namu ya amsa da tambaya: ƙyallin goshi ya hau kan gefen tabon salla, ya zai yi? Muka ce ya rage ƙyallin a kewaye, ya bar wanda ke kan tabon. Tambayar ta kwantar mini da hankali fiye da kowane alkawari.

Launin fata yana buƙatar ƙarin magana, domin shi ne ya fi saurin zamewa ba tare da an yi niyya ba. Mutum baƙi sanye da farar riga a gaban farin bango yakan fito da fuska mai duhu fiye da yadda take, saboda kyamara tana auna farin da ya cika hoton ta rage haske. Mai gyara yana da gaskiya idan ya ɗaga hasken, amma ina zai tsaya? Bai taɓa ganin mutumin ba. Maganin shi ne a haɗa masa hoto na uku da aka ɗauka da rana a inuwa, wanda 'yan gida suka yarda launinsa ne, a ce wannan shi ne ma'auni. Alamar da ake gane an wuce gona da iri ita ce fuska ta fi wuya da kunnuwa haske, ko fatar ta koma toka-toka, jan da ke ƙarƙashinta ya tafi.

Idan aiki ya dawo, kada a duba shi a ƙaramin allo a ce ya yi. A buɗe na asali da gyararre a girma ɗaya, a zuƙo zuwa 100%, a riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan a wuri guda, domin ido ya fi kama abin da ya motsa ko ya dusashe ta haka fiye da a jera su gefe da gefe. A bi lambobin daga 1 zuwa 7. Wanda yake da Photoshop, ko Photopea da ke buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop, kyauta a burauza, yana iya ɗora hoton asali a kan gyararren ya mayar da yanayin haɗinsa `Difference`: inda ba a taɓa ba zai yi baƙi, inda aka taɓa zai yi haske. Sai dai a cikin `Layers`, wato shimfiɗun da ake ɗora kowane gyara a kai, a fara kashe shimfiɗar da ta gyara hasken hoton gaba ɗaya, in ba haka ba ko'ina zai nuna sauyi. Wannan ne dalilin neman fayil ɗin da ba a haɗe ba. A hoton kawu, haɓa da goshi da idanu suka yi haske kamar yadda aka yarda, amma sai ga wani ɗan haske a ƙarshen billen na ƙasa, inda kariyar ba ta kai ba. Na rubuta masa cewa lamba 1, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ya dusashe, a mayar da shi kamar na asali. Ya faɗaɗa kariyar ya turo cikin sa'a guda, ba tare da jayayya ba, tunda sharaɗin yana rubuce.

Akwai abin da ba laifin mai gyara ba ne, kuma adalci ne a san shi kafin a yi ƙorafi. Hoton kawu yana da fiksel 4000 a faɗi, kansa kuma ya ɗauki kusan fiksel 2000 daga haɓa zuwa tsakar ka. Idan tsawon kai santimita 22 ne, kowace milimita ta samu fiksel 9, tawadar Allah mai milimita 3 ta samu 27. Da aka rage hoton zuwa fiksel 400 don katin wuya da shafin kamfani, komai ya ragu sau goma, tawadar ta koma ƙasa da fiksel 3, ɗigon da ba kowa zai lura da shi ba. Don haka a babban fayil ake yanke hukunci. Haka nan idan fitila ta daki fuska daga gaba kai tsaye, inuwar zane takan ɓace tun a wurin ɗauka, kuma ba abin da mai gyara zai iya karewa. Wanda yake so billensa ya fito sosai ya roƙi mai ɗaukar hoto ya kawo hasken daga gefe kaɗan.

Gwaji na ƙarshe shi ne a nuna hoton ga wanda ya san mutumin tun yana ƙarami, ba tare da an gaya masa abin da zai duba ba. Mun kai wa yayar kawu a gidanta da ke Makka bayan sallar Isha. Ta sa tabarau, ta zuƙo kuncin hagu da yatsunta, ta duba girar, sannan ta miƙo wayar ta ce a turo mata kwafi ta aika wa 'yan'uwa a Katsina. Mun ajiye na asali da mai alamomi da saƙon a wuri ɗaya, domin idan kamfanin ya sake neman hoto, sai dai a sabunta jerin ƙurajen da za a cire.